Lebul ɗina na uku yana korar mutane, ya zan koyar da sabuwar dabara ba tare da rubutu ba?

"Salam. Ina haɗa ƙaramin gem na tsalle-tsalle irin su Mario, lebul na ɗaya da na biyu kowa yana wucewa lafiya, amma a na uku na saka dakali mai ruftawa idan an taka shi kuma nan kowa yake ajiye kwanturola. Na saka rubutu a sikirin cewa kar a tsaya a kai amma ba mai karantawa. Shin wahalar ce tayi yawa ko mutanen ne basa mai da hankali?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mutanen lafiyarsu ƙalau, kuma ina kyautata zaton ba yawan wahalar bane ma matsalar, wurin da ka ajiye ta ne. Amma kafin ka taɓa komai a lebul ɗin sai ka fara gano wace irin mutuwa suke yi, domin mutuwa a irin wannan gem iri biyu ce kuma maganin ɗaya baya yiwa ɗayar aiki. Akwai wanda ya mutu ya san abinda ya kamata yayi, hannunsa ne kawai ya makara, wannan zaka ga ya ɗan yi tsaki ya gyara zama ya sake dannawa, shi baya gudu, irin wannan mutuwar ma ita ke riƙe mutum a gem. Akwai kuma wanda ya mutu bai san me ya kashe shi ba, ya sake zuwa ya sake mutuwa a wuri ɗaya ta hanya ɗaya, a karo na huɗu ko na biyar sai ya fara duba wayarsa, toh wannan ka rasa shi. Idan wahala ta hau daidai, kusan duk mutuwar da ake yi ta farkon ce. Idan ta hau ba daidai ba sai ta biyun tayi yawa, kuma mai gem ɗin sai ya ɗauka ragewa zai yi, ya rage tsini ya faɗaɗa dakali, gem ɗin ya zama lami kuma har yanzu mutane basu gane ba.

Rubutun da ka saka kuwa, ka duba inda idon mutum yake lokacin da yake gudu. Idonsa na kan ɗan mutumin nan da kuma 'yar tazarar da ke gabansa, yatsunsa na aiki, ba shi da sararin ɗaga kai ya karanta jimla a saman sikirin. Ko ya karanta ma, "kar ka tsaya" bata gaya masa tsawon lokacin da yake dashi ba, sakan ɗaya ne ko rabin sakan, da zarar ya taka ne zai fara ko sai ya tsaya cak. Wannan ilimin a yatsa yake zama, kuma yatsa sai ya gwada yake koya.

Bari mu fara da lissafi tukunna, don yawancin masu farawa da ido suke auna wahala kuma ido yana yaudara sosai a nan. Ka san iyakar tsallen ɗan wasanka da lamba. A ce tsallensa yana kai tayil 3 a sama, tayil shine ɗan murabba'in da ake gina lebul dashi, yana ɗaukar sakan 0.4 kafin ya kai ƙololuwa, gudunsa kuma tayil 5 a sakan ɗaya. Nauyin da ke jan shi ƙasa da ƙarfin tashin daga nan suke fitowa:

```
g  = 2*h / (t*t)   # 2*3 / 0.16 = 37.5
v0 = 2*h / t       # 2*3 / 0.4  = 15
```

Zai yi sakan 0.8 a iska idan ya sauka a daidai tsayin da ya tashi, kenan iyakar nisan da zai iya tsallakewa tayil 4 ne. Yanzu duba abinda ke faruwa da ramuka. Rami mai faɗin tayil 2 ya bar masa rarar tayil 2, wato zai iya danna tsalle a ko'ina cikin sakan 0.4 na ƙarshe kafin baki ya haye, idan gem ɗin na tafiya furem 60 a sakan wannan furem 24 kenan. Rami mai tayil 3, rarar ta koma furem 12. Rami mai tayil 3 da rabi, furem 6 kacal. Faɗin jikin ɗan wasan zai ɗan ƙara masa wani abu kaɗan amma tsarin bai canza ba. Kaga a ido bambancin 3 da 3 da rabi ba komai bane, ɗan ƙari ne, amma a hannu ka raba damar da mutum ke da ita gida biyu. Shi yasa mutum zai ce "ai kaɗan na ƙara" alhali ya gina katanga. Ni duk lebul ɗin da nake dubawa abu na farko da nake rubutawa a gefen kowane tsalle shine furem nawa aka bar wa mutum, ba tayil nawa ba.

Haka shi ma dakalin naka. A ce faɗinsa tayil 3 ne, ratsa shi a guje sakan 0.6 ne. Idan ka saita ya rufta bayan sakan 0.7, wanda ya riga ya sani zai wuce, amma sabon mutum da ya sauka ya ɗan tsaya ya duba gaba kamar yadda lebul biyu na baya suka koya masa cewa dakali wurin hutawa ne, ya mutu tun kafin ya gane akwai matsala. Mutum yana buƙatar wajen kwatan sakan kafin hannunsa ya amsa abinda ido ya gani, wannan ma idan ya san me yake jira kenan. Wato ka karya alkawarin da gem ɗin ya yi masa tun farko, kuma ka karya shi a saman tsini. Ina zargin abinda ke faruwa a lebul ɗinka kenan, ka je ka duba, zan yi mamaki idan dakalin farko mai ruftawa ba a saman abin kisa yake ba.

Misalin da kowa ke kawowa shine lebul na farko na Super Mario Bros. na 1985, kuma duk da an gaji da jinsa ya cancanci a duba shi kusa-kusa saboda abu ɗaya. Mario yana farawa a gefen hagu, fili na gabansa a dama, ba wanda yace masa tafi dama. Goomba, abokin gaba na farko, yana tahowa a hankali a ƙasa mai lebur, ko ka tsallake ko ka mutu, kuma idan ka mutu sakan kaɗan ka yi asara don yanzu aka fara. Sai naman kazan nan da ke fitowa daga bulo, kamanninsa ba su da nisa da na abinda ya kashe ka yanzu, don haka sabon ɗan wasa zai so ya guje masa. Me masu haɗa gem ɗin suka yi? Yana fitowa sai ya tafi dama, ya faɗo, ya bugi bututu ya juyo kanka, bulo kuma na saman kanka don haka ko kayi ƙoƙarin tsallake shi da wuya ka tsira, sai ya taɓa ka, sai ka ga ka girma. An tilasta maka kuskuren da zai koya maka gaskiya. Can gaba kuma akwai matakala biyu masu fuskantar juna da rata a tsakaninsu, ta farko akwai ƙasa a cikin ratar, ka faɗa ka fito, ta biyun siffarsu ɗaya amma rami ne. Darasi ɗaya sau biyu, na farko kyauta na biyu da kuɗi. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, da kansa yayi bayanin cewa da niyya aka jera su haka.

Toh ga yadda ni zan sake gina lebul ɗinka na uku da wannan tunanin, ɗaki bayan ɗaki.

Ɗakin farko ba tsini, ba abokin gaba, ba rami. Ɗan wasa ya shigo ya tarar hanya ta ƙare, bango a gabansa wanda ya fi tsallensa, a ce tayil 5, kuma ƙasan da ke gindin bangon an yi shi da sabon dakalin, launinsa daban da tsagewa a jikinsa. Ba inda zai je, dole ya zo ya tsaya a kai yana tunani. Sai dakalin ya fara rawa, ƙura na zuba, ƙara na fita, bayan sakan ɗaya ya rufta ya faɗa ɗakin ƙasa inda hanya ta ci gaba. Ka lura da abinda ya faru, karon farko da abin ya rufta dashi taimakonsa yayi, bai ji an cuce shi ba, kuma ya ga jerin gaba ɗaya da idonsa yana tsaye ba a guje ba: taka, rawa, ƙara, ruftawa. Ya kuma ji tsawon lokacin a jikinsa. Wannan ɗakin shi ne rubutun naka, sai dai shi ba a iya tsallake shi.

Rawar nan da ƙarar kar ka ɗauke su ado, su ne rabin koyarwar. Su fara a furem ɗin da ƙafa ta taɓa, ba bayan rabin sakan ba, don ƙwaƙwalwa ta haɗa "na taka" da "ya motsa". Idan akwai jinkiri mutum zai ɗauka agogo ne ke sarrafa abin ba shi ba, sai ya fara tsayawa yana jiran lokaci, wanda shine akasin abinda kake so. Kuma siffar dakalin ta bambanta ba launi kaɗai ba, akwai masu wahalar bambance ja da kore, tsagewa ko gefe mai gutsure kowa na gani.

Ɗaki na biyu sai ka juya ma'anar, yanzu ruftawar ce matsala amma mai arha. Dakali biyu ko uku a jere a matsayin gada, ratar tsakaninsu tayil 2 wato furem 24 ɗin nan mai yalwa, lokacin ruftawa sakan ɗaya cur, a ƙarƙashinsu kuma ƙasa ce lafiyayya tayil 4 ƙasa yadda tsalle ba zai mayar dashi sama ba, da matakalar komawa farko. Wanda ya faɗa ya yi asarar sakan huɗu ko biyar, shikenan. Dakalan su dawo bayan kamar sakan biyu kuma ya gansu suna dawowa, don wannan ma doka ce da yake buƙatar sani, in ba haka ba zai ɗauka ya ɓata lebul ɗin ya nemi sake farawa. Abu ɗaya da zaka kiyaye a nan, kar ƙasan nan ta zama hanyar wucewa. Idan mutum zai iya faɗawa ya ci gaba da tafiya ta ƙasa ya fita ɗakin, toh ya wuce bai koya ba, kuma zai je ya mutu a ɗaki na gaba kana mamakin me ya faru. Ƙofar fita ta kasance sai ta kan gadar. Ɗakin koyarwa dole ya zama ba kisa amma kuma ba a wuce shi da sa'a.

Ɗaki na uku shine kwafin na biyu kusan sak, faɗi ɗaya rata ɗaya lokaci ɗaya, sai dai yanzu tsini ne a ƙasa kuma wurin farfaɗowa yana bakin ƙofar ɗakin. Kar ka ƙara komai. Na san hannu zai yi maka ƙaiƙayi ka ce bari in ɗan faɗaɗa ratar tunda ya riga ya iya, kar ka yi, tsoro kaɗai ƙari ne, mutum da ya tsallake abu cikin sauƙi a saman ƙasa zaka ga yana kuskurensa a saman tsini. Dokar da nake bi ita ce a kowane ɗaki abu ɗaya nake murɗawa: ko hukuncin faɗuwa, ko ƙuncin lokaci, ko yawan abinda za'a lura dashi a lokaci guda, ko tsawon tafiya kafin a samu wurin hutawa. Huɗun nan duk sunansu wahala amma kowanne daban yake cizo, kuma idan ka murɗa biyu tare mutane suka maƙale baka san wanne ne ya jawo ba.

Daga nan ne ake fara jin daɗin, ɗaki na huɗu da na biyar. Nan zaka matsa lokacin ruftawa zuwa kamar sakan 0.8 ko ka rage faɗin dakalin zuwa tayil 2, ɗaya dai. Amma idan ka canza lokacin ruftawa ka canza kamannin dakalin ma, abu biyu masu kama ɗaya su yi hali ɗaya ko'ina a gem ɗin, wannan ba'a sasantawa a kansa. Ni na fi son in bar lokacin yadda yake har ƙarshen gem in riƙa wasa da faɗi da rata, ya fi tsafta. Sannan sai juyin: ka sa shi yayi amfani da abinda ya sani ta hanyar da bai zata ba. Misali dakalan a jere sama da sama kamar tsani, yana hawa na ƙasa na ruftawa, ba komawa baya. Ko kuma wurin da dole ya tsaya da gangan har ya rufta don ya faɗa ta tsakanin tsini biyu, wato darasin ɗakin farko ya dawo bayan ya shafe ɗakuna uku yana koyon gudu. Ko abokin gaba na sintiri a ƙasan dakalin, sai ya zaɓi lokacin da zai taka. Koichi Hayashida wanda ya jagoranci Super Mario 3D Land na 2011 ya bayyana cewa da irin wannan tsari mai hawa huɗu suke gina lebul, gabatarwa, faɗaɗawa, juyi, rufewa, tsarin da ya ce daga salon ba da labari na Japan ya samo, kuma idan ka buga gem ɗin zaka ga kusan kowane lebul dabara ɗaya yake ɗauka ya juya ta ya ajiye.

Rufewar kuwa mutane da yawa suna kuskurenta, suna ɗauka ƙarshen lebul shine wuri mafi wuya. Ni nafi son mafi wuyar ya zo kafin ƙarshe kaɗan, sannan ƙarshen ya zama doguwar gada ta dakalai masu faɗi da rata ƙanana wadda mutum zai ratsa a guje komai na rushewa a bayansa, a ido abin tsoro a hannu kuma sauƙi. Yana fita yana jin shi gwani ne, kuma gaskiya ne ya zama, minti uku da suka wuce bai san abin ba.

Wannan ya kawo mu siffar hawan gaba ɗaya. Ba layi bane miƙaƙƙe da ke hawa, haƙoran zarto ne, ya hau ya faɗo ya sake hawa ya wuce na baya. Dalilin faɗowar ba tausayi bane, lissafi ne: duk lokacin da ka kawo sabon abu, hankalin mutum ya tafi wajen fahimtarsa, abinda ya rage wa yatsu kaɗan ne, don haka farkon lebul na uku dole ya fi ƙarshen lebul na biyu sauƙin dannawa. Kai kuma ina jin abinda kayi shine ka ɗauki faɗin ramukan ƙarshen lebul na biyu ka ci gaba daga nan sannan ka ɗora sabon dakali a kai, kowa haka yake yi da farko don a takarda yayi kama da ci gaba. Ɗaya ɓangaren kuma shima gaskiya ne, idan ka daɗe a ƙasa baka hau ba mutum zai gaji ya tafi, sai dai wannan tafiyar shiru ake yinta ba tsaki, shi yasa ba'a saurin gane ta.

Akwai kuma abinda ke ƙarƙashin duk wannan wanda idan bai daidaita ba duk gyaran ɗakunan banza ne, wato ko gem ɗin yana yafe ƙananan kuskuren yatsa. A dakali mai ruftawa abin ya fi tsanani, domin mutum zai danna tsalle furem biyu ko uku bayan dakalin ya ɓace, a idonsa yana kai, a lissafin gem yana iska, tsalle ya ƙi fita, sai ya ce botin ɗin baya aiki. Maganin shine ka bar masa ɗan lokaci bayan ƙafarsa ta bar ƙasa wanda har yanzu tsalle zai karɓu, da kuma ɗan lokaci kafin ya sauka wanda idan ya danna za'a riƙe masa har ya taɓa ƙasa:

```
if on_floor: coyote = 0.1
else: coyote -= dt
if jump_pressed: buffer = 0.1
else: buffer -= dt
if buffer > 0 and coyote > 0:
    jump(); buffer = 0; coyote = 0
```

Celeste na 2018 gem ne mai wuya sosai, mutum na mutuwa sau ɗaruruwa, amma cike yake da irin wannan yafiyar, har da ɗan tura ka gefe idan kanka ya bugi kusurwar bulo da kaɗan, kuma Maddy Thorson wadda ta jagoranci gem ɗin ta yi bayaninsu a fili. Ga shi kuma ɗakunansa gajeru ne, ka mutu ka dawo bakin ɗakin nan take. Super Meat Boy na 2010 ma haka, farfaɗowa ba jira. Abinda wannan ke nuna maka shine yawan mutuwa da tsadar mutuwa abu biyu ne. Mutuwa 20 a ɗakin da ke ɗaukar sakan 8 mutum zai jure yana dariya, mutuwa 4 da kowacce ke mayar dashi baya minti biyu ta ƙofar ramukan da ya riga ya iya, wannan ita ke sa a kashe gem. Ka auna sakan nawa ne daga mutuwa zuwa sake gwada daidai wurin da ya kashe shi, a wurin koyon sabon abu ni bana son ya wuce sakan 10.

Yanzu yadda zaka gane ko gyaran yayi. Ka samo wanda bai taɓa ganin lebul ɗin ba, ka bashi, ka zauna a bayansa ka rufe bakinka. Rufe bakin shine mafi wuya wallahi. Na taɓa zama bayan wata yarinya tana gwada wani lebul nawa mai irin wannan dakalin, ta taka na farko ya rufta, ta dawo, sai na ga ta tsaya a bakin ramin tana kallonsa kusan sakan goma bata motsa ba, sannan ta yi tsalle da sauri. Ta sake faɗawa, ta sake tsayawa tana kallo. Ashe ita ta ɗauka dakalin da kansa yake ɓacewa yana dawowa bisa lokaci, tana ƙoƙarin kama lokacin ne, saboda na saka masa ɗan ƙyalli da ke yi kullum ko ba'a taka ba, ni a wajena ado ne. Na cire ƙyallin na bar shi shiru sai an taka, wanda ya gwada bayanta bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da na buɗe baki na ce mata "ai sai kin taka yake farawa" da ta wuce, ni kuma da ban taɓa sanin ƙyallin ne ba.

Alamomin da zaka duba kenan. Idan mutum na maimaita abu ɗaya sak yana mutuwa a wuri ɗaya, ko yana tsayawa inda bai kamata ba, ko yana komawa baya neman wata hanya, bai gane ba, ka koma ɗakin farko da na biyu ka gyara, kar ka taɓa faɗin rami. Idan kuma kowane gwaji yana ɗan ƙara nisa, ya mutu a dakali na biyu, sannan na uku, sannan na uku kuma, sannan ya haye, ya gane, hannu ne ke koyo, ka barshi ko ka ƙara masa furem kaɗan. Bayan ya gama kar ka tambaye shi "yayi daɗi?", zai ce eh don kunya, ka tambaye shi "wancan dakalin ya yake aiki?" ka ji ko abinda zai faɗa yayi daidai da abinda ka rubuta a kod. Sannan ka sa gem ɗin ya riƙa ajiye wurin kowace mutuwa, layi ɗaya ne, lambar ɗaki da `x` da `y` da lokaci, ka zuba su a kan hoton lebul ɗin a matsayin ɗigo. Ɗigo a warwatse ba damuwa, ɗigo a cure wuri ɗaya a ɗakin da kai kake ganin mai sauƙi ne, nan aikin yake. Kuma mutum ɗaya sau ɗaya yake zama sabo, wanda ya gwada jiya ba zai gaya maka ko koyarwar yau tayi ba, don haka kar ka ƙone duk abokanka a rana ɗaya, biyu-biyu ko uku-uku. Kai kanka kuwa baka cikin lissafi sam, ka buga lebul ɗin sau ɗari, komai sauƙi ne a hannunka.

Sai iyakar abin, don kar ka ɗauka rubutu haramun ne. Lebul yana iya koyar da yadda duniya ke aiki, me ke kisa, me ke ruftawa, me ake takawa. Abinda baya iya koyarwa da kyau shine wane botin. A kwanturolar NES, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, botin biyu ne na wasa, mutum zai danna su duka cikin sakan biyar ya gano, amma a kibod ko kwanturolar yanzu mai botin sama da goma ba wanda zai yi hasashen cewa sai an riƙe wannan an danna wancan. Nan ɗan hoton botin a kusa da wurin da ake buƙatarsa, a lokacin da mutum yake tsaye lafiya, ya fi duk wata dabara, Celeste ma da tsuntsu yake nuna maka botin hawa bango da na zabura a farkon gem. Akwai hanya ta tsakiya kuma, nunawa: a Super Metroid na 1994 wasu ƙananan halittu ne ke yin tsallen bango a gabanka kana kallo har ka kwaikwaya, sai dai mutane da yawa sun sha wuya a wurin don sun ga abinda ake yi amma basu ga yadda yatsa ke yi ba, wanda shine dai iyakar da nake faɗa. Mega Man X na 1993 ya fi dacewa a nan, a lebul na farko hanya na karyewa ka faɗa wuri mai zurfi da ba kisa, ba mafita sai bango, kana matsawa jikinsa ka ga kana zamewa a hankali, ka danna tsallen da ka riga ka sani sai ka ga ka hau. Ya yi aiki ne saboda ba sabon botin, tsohon ne a sabon wuri.

Naka dakalin baya buƙatar sabon botin ko ɗaya, don haka rubutun cire shi gaba ɗaya. Ka gina ɗakin farkon nan mai bango tayil 5 yau, ka cire tsinin da ke ƙarƙashin gadar farko ka mayar dashi gada ta biyu, ka duba ko rawar na farawa a furem ɗin taɓawa, sannan ka kira mutum biyu sabbi. Idan har yanzu suna maƙalewa, turo min lambobin tsallenka da faɗin dakalan da lokacin ruftawa, mu lissafa furem nawa ka bar musu.